Lasifikar ta yi shiru, mai saye ya ce ya biya

Tambaya: Ina da 'yar lasifikar nan da ke faɗin kuɗi in sun shigo. Jiya wani ya nuna min wayarsa an rubuta an biya, lasifikar ba ta ce uffan ba, na ba shi kaya, har yanzu ban ga kuɗin ba. Wani mai gyara ya ce don bai kawo wayarsa kusa da ita ba ne. Ta lalace ne, ko damfarata aka yi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ga dukkan alama na'urarka lafiyarta ƙalau, mai gyaran nan ne ya faɗa maka abin da bai sani ba.

In da lambar QR ake biya, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da kyamarar waya, lasifikar ba ta da wata hulɗa da wayar mai saye. Ba ta jin ta, ba ta ganin ta, ko da ya ɗora wayar a kanta. Abin da ke cikinta batir ne, da sim ko Wi-Fi, da 'yar ƙwaƙwalwa mai ɗauke da lambar da kamfanin ya ɗaura da asusunka. In mutum ya ɗauki lambar QR ɗinka ya biya, bankinsa ne ke cire kuɗin ya tura, kamfanin da ya ba ka na'urar ya samu tabbaci, sannan babbar kwamfutarsa ta aiko wa lasifikar ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da adadin. Galibi muryar ma ba aiko ta ake yi ba, guntaye ne da aka naɗa aka ajiye a ciki, "an karɓi" daban, "dubu" daban, "biyar" daban, ta harhaɗa su ta furta. Duk wannan daƙiƙu kaɗan ne in sabis na da kyau. Shi ya sa ko daga wata ƙasa aka biya ka, za ta yi magana.

Wannan magana ta "kawo wayar kusa" kusan kullum sai na ji ta, kuma na gaji da ita, domin ita ce ƙofar da ɓarayi ke shiga. Da zarar mai rumfa ya yarda cewa na'urar daga wayar mai saye take ɗaukar labari, to duk lokacin da ta yi shiru zai ɗora laifin a kanta, ya gaskata fuskar wayar baƙo. Alhali fuskar waya hoto ce kawai. Akwai manhajojin bogi da ke zana rasit da sunanka da adadin da lokacin, har da alamar nan mai launin kore. Akwai mai nuna hoton biyan da ya yi makon jiya, yatsansa a kan kwanan wata. Wani ma da gaske ya biya, amma an manna wata takardar QR a kan taka, kuɗin sun tafi aljihun wani, shi bai yi ƙarya ba, kai kuma ba ka samu komai ba. A duk ukun nan shirun lasifikar gaskiya ta faɗa maka. Amma sai masu gyaran gefen hanya su kwance ta, su hura, su ce "eriya ce", su karɓi ladan gyara abin da bai ɓaci ba.

Ba na ce ba ta taɓa yin shiru alhali kuɗi sun shigo ba. Tana yi, in sabis ya yanke, ko caji ya ƙare, ko wani ya rage sauti. Dubi 'yar fitilarta, ka san launin da ke nuna tana haɗe (yana cikin takardar da ta zo da ita, wadda kowa ke jefarwa da kwalin). Yawancinsu suna da maɓallin maimaita biyan ƙarshe, danna shi ka ji.

Yankewar sabis tana da wani tarkon. A ce mutum na farko ya biya 500 lokacin da na'urar ba ta haɗe, ka duba manhajarka ka gani, ya tafi. Bayan minti uku na biyu yana tsaye yana latsa waya, kayansa na 5,000 ne, sabis ya dawo, saƙon da ya maƙale ya iso, ta ce "an karɓi ɗari biyar". Kai cikin hayaniya "biyar" kawai ka ji, ka miƙa kaya. Saurari adadin har ƙarshe, kuma ka tabbata daga lasifikarka muryar ta fito, don ana naɗar ta a kunna daga aljihu.

Yanzu buɗe manhajar 'yan kasuwa ta kamfanin a wayarka, ka duba jerin biyan jiya a daidai lokacin. In yana nan, kuɗinka suna hannun kamfanin, sai lokacin da suka saba turawa bankinka, wanda a wasu wuraren sai washegari. In babu, fita ka shafa takardar QR ɗinka da yatsa ka ji ko akwai wata a kai, ka ɗauki lambar da kyamarar wayar wani ka ga sunan wa ke fitowa. In sunanka ne kuma kana da lambar cinikin da ya nuna maka, kai wa kamfanin su bincika. In ba ka da ita, to Malam, sai haƙuri, da wuya a gano shi.