Yadda ake saka muryar bayani a bidiyo domin makafi ba tare da an danne maganar 'yan wasa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun haɗa ɗan gajeren bidiyo na minti 4 a kan yadda ake haɗa ruwan ORS idan yaro yana gudawa. An gama tacewa, rubutun wasan ma yana hannuna. Yanzu an ce mu ƙara murya mai bayyana wa masu lalurar gani abin da ke faruwa. Na rubuta, na ɗauka a waya, amma duk muryata ta hau kan maganar 'yan wasan, ba a jin kowa. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Daga yadda kika faɗa, kin fara rubutu kafin ki auna fili, kuma nan ne matsalar take. A wannan aikin agogo ne yake yanke yawan kalmomin da za ki faɗa. Saboda haka ki ajiye abin da kika rubuta tukuna, mu nemo guraben da babu mai magana.

Kada ki dogara da rubutun wasan wajen nemo su. Takarda za ta ce "Inna ta shigo, ta tsaya tana kallon jaririn", ki ɗauka akwai lokaci mai yawa, alhali mai tacewa ya yanke wurin ya bar daƙiƙa 2 kacal. Amfanin takardar shi ne ta gaya miki sunayen mutane da abin da aka yi niyyar nunawa. Lokaci kuwa daga bidiyon ƙarshe ake ɗaukarsa, wanda aka tabbatar ba za a sake taɓa shi ba. Ko daƙiƙa 3 aka ƙara a farkonsa daga baya, duk jimlolinki sun goce daga wurarensu.

Idan an yi wa bidiyon rubutun ƙasan allo, an rage miki wahala. Ki buɗe fayil ɗin `.srt` da Notepad, za ki ga lokacin da kowace magana ta fara da lokacin da ta ƙare. A ce kin ga wannan:

```
00:00:38,200 --> 00:00:41,900
00:00:47,100 --> 00:00:50,000
```

Maganar farko ta ƙare a daƙiƙa 41.9, ta biyu ta fara a 47.1, wato akwai gurbi na daƙiƙa 5 da ɗan ɗoriya. Idan babu wannan fayil, ki saka sautin bidiyon a manhajar tace sauti ta Audacity, ki saurara, duk inda magana ta tsaya ki zaɓi wurin ki danna `Ctrl+B` ki sa masa alama. Ga bidiyon minti 4 wannan ba wani aiki ba ne. Akwai masu sa kwamfuta ta nemo wuraren shiru da kanta, amma da zarar akwai kiɗa a ƙarƙashin wasan sai ta ce babu shiru ko ɗaya, don haka na fi yarda da kunne.

Sai dai ba kowane gurbi ne naki ba. Ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarar zuba ruwa a kwano, tarin yaro, ajiyar zuciyar uwa, duk labari suke bayarwa, kuma wanda ba ya gani da su yake bin wasan. Ki bar su su fito. Kiɗa zalla za ki iya magana a kansa. Waƙar da baitinta yake ɗauke da saƙon kuwa, ki ɗauke ta kamar maganar ɗan wasa.

Yanzu lissafi. A wannan gurbi na daƙiƙa 5, ki bar rabin daƙiƙa a farko da rabi a ƙarshe, saura 4. Idan ana karanta Hausa a natse, ki ƙiyasta kalma biyu a kowace daƙiƙa, wato kalma 8 kike da su. Wannan ƙiyasi ne na farawa. Ki sa mai karantawar ya karanta sakin layi ɗaya kina riƙe da agogon waya, ki raba yawan kalmomin da yawan daƙiƙun, ki san nasa saurin.

Mu ce abin da ke kan allo a wurin shi ne zuwan kakar yaron. Yawanci rubutun farko yakan fito kamar haka: "Inna ta shigo tsakar gida sanye da atamfa shuɗiya, ta ga jaririn kwance a kan tabarma ya galabaita, idanunsa sun faɗa ciki, uwarsa kuma tana kuka." Kalma 26 ke nan, daƙiƙa 13 a wurin da ke ɗaukar 4. To me za a zubar? Shigowar Inna ba ta buƙatar bayani, domin za a ji sallamarta. Kukan uwa ma ana jinsa. Launin atamfa bai ƙara komai ga saƙon ba. "Ya galabaita" kuma hukuncinki ne, ba abin da kyamara ta nuna ba. Abin da ya rage shi ne wanda kunne ba zai taɓa kamawa ba, kuma shi ne dalilin ɗaukar hoton, tunda faɗawar ido alama ce ta ƙarewar ruwa a jikin yaro: "Jariri kwance a tabarma, idanunsa sun faɗa ciki." Kalma 8 cif.

Haka za ki bi kowane gurbi. Ki faɗi abin da ake gani, ki bar mai sauraro ya yanke hukunci da kansa. "Ta ɗaure fuska ta juya baya" ya fi "ta ji haushi". Ki daina ɓata kalmomi a kan "muna ganin" da "a nan an nuno". Sunan da kika kira mutum da shi a farko ki riƙe shi har ƙarshe, domin idan Inna ta koma "tsohuwar" sannan ta koma "kakar yaron", mai sauraro zai ƙirga mutum uku. Duk lokacin da wuri ya canza kuma, ki fara da shi ko da kalma biyu ne: "A asibiti." "Da dare."

Inda za ki sha wuya shi ne wurin haɗa ruwan. A irin waɗannan bidiyoyi malamar asibiti takan yi ta magana ba tsayawa, tana cewa "ki zuba wannan a cikin wannan, ki motsa", yayin da rubutu yake fitowa a allo cewa ƙunshi 1 a ruwa lita 1. Mai gani ya fahimta. Wanda ba ya gani ya tashi da "wannan" da "wannan" kawai, kuma TalkBack, mai karanta wa makafi allon waya, ba ya karanta rubutun da ke cikin hoton bidiyo. Ga shi nan ne gundarin saƙon, kuma babu gurbi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki riga hoton. Idan akwai daƙiƙa 4 ko 5 kafin malamar ta fara magana, misali lokacin da take wanke hannu, ki saka bayanin a can: "A gabanta, ƙunshin ORS ɗaya, ruwa lita ɗaya." Da ta ce "wannan", an riga an san abin da take nufi. Yin gaba da 'yan daƙiƙu ba laifi ba ne, muddin ba ki tona wani abin mamaki da wasan yake ɓoyewa ba. Idan ko wannan gurbin babu, ki roƙi mai tacewa ya daskarar da hoton na daƙiƙa 5 a kwafin makafi kaɗai, ki faɗi ma'aunin, sannan wasan ya ci gaba. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa amfani da intanet sun san da wannan dabarar ta tsayar da hoto idan gurabe sun gaza. A fim ɗin nishaɗi tana kashe armashi, amma a bidiyon kiwon lafiya ni ba na jinkirin amfani da ita. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ƙara wa murya sauri don ta shige. Ma'aunin magani da aka faɗa a guje, gara a ce ba a faɗa ba. Haka ma lambar waya ko sunan asibitin da ke fitowa a ƙarshe, a karanta su a hankali, ko da za a tsawaita allon ƙarshen.

Wajen ɗauka, ki samo muryar da ba ta cikin wasan, kada a zaci wata ce daga cikin 'yan wasa. Mai karantawa ya sa abin sauraro a kunne don kada sautin bidiyon ya koma cikin makirfo. A kashe fanka, a nisanci janareta. Kowace jimla a ɗauke ta daban, sai ki ja ta zuwa gurbinta.

A Audacity ki sa sautin bidiyon a layin sama, muryar bayani a layin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye. Ki zaɓi na saman, ki shiga `Effect` ki nemi `Auto Duck`. Shi zai riƙa rage kiɗa duk lokacin da bayani ya shigo, ya mayar da shi idan ya ƙare. Yana zuwa da `-12 dB`, wanda yakan wadatar. Ki lura cewa yana fara rage sautin rabin daƙiƙa kafin muryar ta shigo, kuma yana ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ya dawo da shi. Dalilin barin rabin daƙiƙar nan a kowane gefe ke nan. Idan kin ji ƙarshen kalmar ɗan wasa yana nutsewa, ko farkon maganarsa ya fito a raunane, jimlarki ta matse shi, sai ki rage kalma ɗaya ko biyu ki sake ɗauka.

Idan kin fitar da haɗaɗɗen sautin, wannan umarnin na manhajar ffmpeg zai ɗora shi a kan hoton ba tare da ingancin hoton ya ragu ba:

```
ffmpeg -i fim.mp4 -i bayani.wav -map 0:v -map 1:a -c:v copy -c:a aac fim_mai_bayani.mp4
```

Ana iya cusa sautuka biyu a fayil ɗaya, mai kallo ya zaɓa a VLC ta `Audio Track`. Amma a Gombe ta WhatsApp da Xender da katin waya bidiyo yake yawo, kuma a WhatsApp babu wurin zaɓen sauti. Ki fitar da fayil biyu daban, ki sa wa na biyun suna bayyananne, tunda sunan ne wayar makaho za ta karanta masa. Ki fitar da sautin zalla ma a `mp3`, ya fi sauƙin turawa ga mai ƙaramar data.

Kafin ki saki, ki kife wayar a kan tebur ki saurara daga lasifikarta, ba da abin kunne ba, domin haka yawancin mutane za su ji shi. Sannan ki kai wa masu lalurar gani biyu ko uku waɗanda ba su san labarin ba. Kada ki tambaye su ko ya yi kyau, kara za ta sa su ce ya yi. Ki tambaye su mutum nawa ne a wasan, a ina aka haɗa ruwan, kuma ƙunshi nawa ake zubawa a ruwa nawa. Duk tambayar da suka kasa amsawa, ki koma gurbin da ya kamata ya ɗauki amsarta ki gyara jimlar.