Me ya sa suke shiru a guruf, su biyo ni ta gefe?

"In na faɗi ra'ayina a guruf ɗinmu na WhatsApp sai a yi mini caa, ba mai tare mini, amma daga baya wasu su turo mini saƙo ni kaɗai wai gaskiya na faɗa. Munafunci ne?"

Ba munafunci ba ne ɗan'uwa, tsoron a ware su ne. Wata Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, ta yi bayanin abin nan tun 1974: kowa yana fara leƙa inda rinjaye yake kafin ya buɗe baki, in ya ga kamar nasa ra'ayin ba shi da jama'a sai ya kama bakinsa, shirun nasa kuma ya sa ɗaya ɓangaren ya ƙara yin kama da masu yawa, na gaba ma ya ja baya, haka abin ke ta tafiya har mutum biyar masu zafin rubutu su zama kamar su ne duka guruf ɗin.

Abin da na lura, ya fi tsanani inda aka san juna. A namu na dangi akwai kawu, akwai surukai, ga tsoron a ɗauki hoton maganarka a yaɗa. Amma ran da mutum ɗaya ya fito ya mara maka baya a fili, za ka ga wasu sun biyo. Don haka masu turo maka saƙon nan, ka roƙi ɗaya ya maimaita a cikin guruf.