Gajiyar ƙafa ce ko ta ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Idan na yi gudu na tsawon awa biyu sai ƙafafuna su ƙi ɗaguwa. Tsokar ce ta gaji, ko daga kai abin yake?

Amsa: Malam, duka biyun na faruwa, amma a dogon gudu irin naka kason ƙwaƙwalwa ya fi na gajeren gudu yawa. Tsoka ba ta motsi sai umarni ya sauko mata daga ƙwaƙwalwa ta lakar gadon baya. Idan aiki ya yi tsawo, musamman cikin zafin rana ko sukarin jini ya yi ƙasa, sai umarnin ya raunana alhali tsokar tana da sauran ƙarfi.

Ga yadda masu bincike ke rarrabewa. A zaunar da mutum bayan gudu, a ce ya miƙe gwiwa da iya ƙarfinsa, yana cikin yi sai a ɗana wa jijiyar cinyar lantarki kaɗan. Idan ƙarfin ya ƙaru nan take, to akwai ragowar da ƙwaƙwalwa ba ta kira ba. Daga nan a sake ɗanawa bayan ya saki ƙafar. Idan zaburar ta yi ƙasa da ta kafin gudu, wannan raunin a cikin tsokar yake: sinadarin fosfet ya taru, kalsiyam da ke sa ta tsuke kuma ba ya fitowa sosai. Irin wannan ne ke kama mai gudun mita 400.

Kai da ba ka da na'ura, lura da ƙarshen tsere. In ka hango layi sai gudu ya zo maka daga inda ba ka zata ba, ai ƙarfin dama yana nan, ƙwaƙwalwa ce ba ta sake shi ba.