Farashin takardar lamuni ya faɗi na yi asara, shin har yanzu kuɗin ruwa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 2 da suka wuce na sayi takardar lamuni a kan 1,000, wadda wa'adinta shekara 5 ne. Duk shekara ana ba ni 50, na riga na karɓa sau 2, kuma idan wa'adi ya cika za a mayar mini da 1,000 ɗina cif. Yanzu kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa, dillali ya ce takardar ba ta wuce 922.69 ba. Wani abokina ya ce tunda akwai asara a ciki, kasuwanci ne ba kuɗin ruwa ba. Gaskiya ne? In na sayar, zan iya cike asarata da 100 ɗin da na karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka kawo lambobin a fili. Hukuncin yana rataye ne a kan kalma ɗaya da ka faɗa, wato "cif". Duk kuɗin da aka karɓa bisa sharaɗin mayar da su cif, ko an ci ko an faɗi, rance ne. Rancen da aka sharɗanta masa ƙari kuwa babu saɓani a kan haramcinsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta yanke haka a kan takardun lamuni a zamanta na Jidda a 1990, ko gwamnati ce ta fitar da su ko kamfani.

Amma na san ba wannan ne ya hana ka barci ba, 922.69 ne. Bari mu ga inda ta fito.

Wanda zai sayi takardarka yau zai karɓi 50 baɗi, 50 a shekara ta biyu, sannan 1,050 a ta uku, wato 50 ta ƙarshe haɗe da uwar kuɗi. Lokacin da ka saya, masu kuɗi sun gamsu da kashi 5 cikin 100. Yanzu sababbin takardu irin taka suna ba da kashi 8, shi ya sa babu mai ba ka 1,000 a kan abin da ke kawo 50 alhali 80 na jiransa a wani wuri. Sai ya tambayi kansa: nawa zan ajiye yau a kan kashi 8 ya zama 50 baɗi? Ya raba 50 da 1.08. Na shekara ta biyu ya raba sau biyu, na ta uku sau uku:

```
50 / 1.08     =  46.30
50 / 1.08^2   =  42.87
1050 / 1.08^3 = 833.52
```

Haɗa su ka samu 922.69, dillalinka bai zalunce ka ba a lissafi. Ka sa 1.05 a madadin 1.08, amsar za ta dawo 1,000 daidai. Da a ce saura shekara 10 ne ba 3 ba, da farashin ya gangaro wajen 798.70, domin mai saye zai daɗe yana haƙuri da 50. Iya tsawon wa'adi, iya zurfin faɗuwa.

To, maganar abokinka ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai malaman da suka ɗauki irin waɗannan takardu a matsayin zuba jari, mafi shahara Shehu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, wanda ya halatta takardun zuba jari na Masar a 1989 yana Muftin ƙasar. Masu wannan ra'ayi suna cewa kuɗin ana juya su ne a ayyuka, ƙayyade riba tun farko kuma yana kare mai kuɗi. Wasu suka ƙara da hujjar abokinka, cewa ga haɗari nan, wanda ya ɗauki haɗari kuwa ya cancanci riba.

Ni ban ga ƙarfin wannan ba, kuma shaidata lissafin nan da muka yi. Sake dubansa. Ina ribar aikin da aka yi da kuɗinka? Ina cinikin kamfanin, ina asararsa? Abubuwa huɗu ne kawai a ciki: uwar kuɗi, ƙarin shekara, tsawon lokaci, da kason da kasuwa ke nema. A ƙirali, wanda ake kira mudaraba, mai dukiya yana samun kaso ne daga ribar da aka samu, in an faɗi dukiyarsa ce ta faɗi, kuma a mazhabobi huɗu ba ya halatta a yanka masa wani adadi sananne ko a ɗora wa mai juya kuɗin lamunin uwar kuɗi. Takardarka ta haɗa duka biyun.

Haɗarin da shari'a ta ɗaura riba a kansa shi ne dukiya ta kasance a wuyanka, in ta salwanta kai ta salwantar wa. Wanda ka ranta wa bai rage maka ko ƙwandala ba. Jira shekara 3 ka gani, 1,000 ɗinka na nan. Abin da kake kira asara, wato 77.31, ba komai ba ne face kuɗin ruwan mutum na gaba: zai ba ka 922.69 ya kwashi 1,150, kuma da wannan ragin ne kashi 5 ɗinka ya zama kashi 8 nasa. Da haɗari kawai ke halatta ƙari, da mai ba da bashi da ruwa ya fi kowa hujja, tunda shi ma ana iya cinye masa kuɗi.

Wannan ya kai mu ga sayarwa, kuma a nan nake so ka dakata. Sayar da ita a kasuwa musayar kuɗi ne da kuɗi iri ɗaya, ɗaya hannu ɗaya jinkiri, ɗaya ya fi ɗaya. Malikiyya, da suka fi sassauci wajen sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba, ba su yarda a sayar da bashin kuɗi da kuɗi irinsa ƙasa da adadinsa ba. Ga shi kuma ka fita daga ramin ka tura ɗan'uwanka ciki. Don haka ka fara neman wanda ya fitar da takardar ya fanshe ta a hannunka. In babu wannan ƙofa, abin da nake rinjayarwa shi ne ka riƙe ta zuwa wa'adi, ka ɗauki 1,000, domin Allah Ya ce wa masu tuba daga riba uwar dukiyarsu tasu ce, a aya ta 279 ta Suratul Baƙara. Duk 50 da ta shigo ka fitar da ita ga mabuƙata ko wata maslahar jama'a da niyyar rabuwa da ita, ba da niyyar sadaka ba.

Batun cike asara da 100 ɗin nan, a'a. In ka jira babu asarar da za a cike. In kuma ka sayar, 100 daga wanda ka ranta wa ta fito a matsayin ƙari, ragin kuwa kai ka yi wa wani mutum daban a wani ciniki daban, ba a haɗa su. In ka riga ka kashe ta, ka fitar da madadinta gwargwadon hali.

Ba ka tambaya ba, amma kada ka manta da zakka: tana kan uwar kuɗin, ban da ƙarin. Kuma na lura yadda ka riƙe lamba har da ɗigo 69, alamar kana yawan leƙa farashin. Rage leƙen, shi ke sa mutum ya sayar cikin firgici. Koyon lissafin kansa ba laifi ba ne, da shi ka gane abin da ke hannunka. Idan dillalin ya ce maka koma sukuk, wato takardun zuba jari da ake cewa sun dace da shari'a, kada sunan ya wadatar da kai. Farashinsa shi ma yakan sauka idan kuɗin ruwa ya tashi, wannan kaɗai ba ya haramta shi. Ka nemi takardun yarjejeniyar ka duba ko wata kadara ka mallaka da ake biyanka hayarta, da kuma wanda asara za ta hau idan kadarar ta lalace. In ka same su, turo mini mu duba tare.

Wallahu a'alam.