Saka kawun ango tsakanin jama'a a hoton biki

"Maigida, an kawo hoton ɗaurin aure daga Tawa, ana son in saka kawun ango da ke Abijan bai samu zuwa ba. Na yanko shi tsaf a Photoshop, amma ina ɗora shi sai ya rufe matan da ke zaune a gaba. Na share ƙafafunsa da goma, ya fito kamar an liƙa shi. Yaya ake sa shi ya shiga bayan wasu, ya tsaya gaban wasu?"

Ka ajiye gomar nan tukuna, yarona, ka dawo da kawu cikakke har takalminsa. Duk abin da ka goge ya tafi, kuma gobe uwar ango na iya cewa a matsar da shi kusa da ɗan'uwansa, sai ka tarar ba ka da ƙafar da za ka matsar.

Kafin ka taɓa komai, dubi hoton ka yanke shawarar inda mutumin nan yake tsaye a ƙasa. Na ga hoton: yara a kan tabarma, mata a kan kujeru a sahu na biyu, maza a tsaye a baya, sai bangon gida. Kawu namiji ne babba, wurinsa sahun maza, a ɗan gibin da ke tsakanin mai farar babbar riga da mai shuɗiyar shadda. Da ka tsai da wannan, kowa a hoton ya samu matsayinsa. Yara da mata suna gabansa, bango yana bayansa. Maƙwabtansa biyu ne kaɗai ke buƙatar tunani, domin suna sahu ɗaya da shi, kuma a nan ne yara irinku ke rikicewa. Ka duba yadda suke da juna a hoton asali. Hannun rigar mai farar riga ya rufe gefen mai shadda daga ƙasa, wato mai farar riga ya ɗan fi kusa da kyamara. To kawu zai iya shiga bayan mai farar riga, ya tsaya gaban mai shadda, babu matsala. Amma idan ka juya, ka sa shi gaban mai farar riga kuma bayan mai shadda, ka yi abin da jiki ba ya yi: ya zama yana gaban na gaba, yana bayan na baya. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya lalace ba, zai dai ce hoton bai kwanta masa ba. Hannu ne kawai ke karya wannan doka, domin mutum na iya tsayawa a bayanka ya ɗora hannu a kafaɗarka.

Sai girma. Kada ka auna kawu da matan gaba, ka auna shi da maƙwabtansa. Idan mai ɗaukar hoton yana mita 4 daga sahun gaba, sahun baya kuma yana mita 6, kan da ya kai fiksel 300 a gaba zai zama fiksel 200 a baya, biyu bisa uku ke nan. Rage `Opacité` na kawu zuwa 50, danna `Ctrl+T`, ka kai fuskarsa daf da fuskar mai farar riga, ka daidaita daga haɓa zuwa goshi. Hula ba abin awo ba ce, wata doguwa ce wata gajeriya. Ko da matan za su ɓoye ƙafafunsa, ka duba inda suka sauka ta cikin hoton: dole su taka layi ɗaya da ƙafafun sahun, ba ƙasa da shi ba. Idan an sauko da shi ƙasa, kafaɗarsa za ta nuna kamar yana tsaye a cikin rami. In ka gama awon, ka mai da `Opacité` ɗinsa 100. Ka tambayi masu hoton ko kawu dogo ne ko gajere, domin dangi sun san tsawon ɗan'uwansu, kuma nan take za su gane.

Yanzu ga aikin. Hoton bikin zai fito sau biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kawu a tsakiya. Zaɓi `Arrière-plan`, danna `Ctrl+J`, ka ja kwafin ka kai shi saman kalkin kawu. Kawu zai ɓace, kada ka firgita. Riƙe `Alt` ka danna maɓallin ƙara `Masque de fusion` da ke ƙasan jerin kalkoki, za ka samu baƙin maski wanda ya ɓoye kwafin gaba ɗaya, kawu ya dawo yana rufe kowa. Ka kulle matsayin wannan kwafi da ɗan alamar kullewa mai kibiyoyi huɗu, domin idan ya goce ko da fiksel biyu ne, za ka ga matan gaba da baki biyu a gefen ɗankwalinsu. Daga nan sai ka ɗauki burushi da `B`, farin launi, ka shafa a kan maskin duk inda wani ya kamata ya fito gaban kawu. Idan ka wuce gona, `X` zai juya maka zuwa baƙi ka gyara.

Abin da ya sa nake son wannan hanya, kuma nake jin haushi idan na ga yaro ya ɓata rabin yini yana yanko mata bakwai ɗaya bayan ɗaya: kwafin sama da hoton ƙasa abu ɗaya ne, fiksel a kan fiksel. Duk inda babu kawu a tsakaninsu, ko ka shafa fari ko ka bar baƙi, babu abin da zai canza. Saboda haka gefen da kawai za ka kula da shi shi ne wanda ya ratsa jikin kawu. A hoton nan bai wuce wuri uku ba: saman ɗankwalin matar da ke zaune daidai gabansa, kafaɗar ta kusa da ita, da hannun rigar mai farar riga. Sauran ƙasa duka, daga ƙugun kawu zuwa takalmi, ka shafe shi da babban burushi cikin minti ɗaya. Na kan ɗan zarce da yankan kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, don in an ce a matsar da shi kaɗan kada in sake zama.

Waɗannan wurare uku kuwa, a nan kuɗinka yake. Hannun farar riga yana da gefe mai tsabta, ka bi shi da `Plume`, ka mai da layin zaɓi da `Ctrl+Entrée`, ka ba shi `Contour progressif` na fiksel ɗaya, ka cika maskin da fari. Kada ka bi daidai bakin rigar, ka shiga ciki da fiksel ɗaya. Dalili shi ne, a bakin kowane mutum akwai siririn layi da ya gauraya da launin abin da ke bayansa lokacin da aka ɗauka. A nan bangon ruwan ƙasa ne mai haske, kawu kuma yana sanye da baƙar riga. Idan ka bar layin, za ka ga zare mai haske ya zagaye hannun rigar da ɗankwalin, kuma shi ne abu na farko da ke tona asirin aiki. Ka kai zum ɗari biyu ka bi gefen a hankali. Idan zaren ya ƙi fita ba tare da ka cinye ɗankwalin ba, buɗe sabon kalki a saman kwafin, ka maƙala shi da `Ctrl+Alt+G`, ka ɗebo launin ɗankwalin daga ciki da `Alt`, ka shafa a bakin da ƙaramin burushi.

Laushin gefen kuma ba kai kake zaɓa ba, hoton ne ke gaya maka. Inda kyamara ta kama da kyau, fiksel ɗaya ya isa. Da a ce wani yaro ne ya gifta daf da kyamara ya fito dishi-dishi, gefensa zai buƙaci fiksel huɗu ko biyar, in ba haka ba ya fito da jiki mai hazo da baki mai kaifi. Haka shi ma kawu: hotonsa da aka aiko daga Abijan ya fi na bikin kaifi, to ka ɗan sa masa `Flou gaussien` na rabin fiksel zuwa ɗaya, har idonsa ya yi daidai da idon maƙwabcinsa.

Mayafi shara-shara shi ne mai wahala. Matar da ke hagu ta yafa ja mai raga, kuma ana hango bangon ta cikinsa. Idan ka fito da shi da fari tas, sai a ga bango a tsakiyar ƙirjin kawu, kamar an huda shi. Sai dai ka shafa toka-toka a maskin, burushi mai `Opacité` 40 ko 50, don baƙar rigarsa ta ɗan leƙo ta cikin ragar, sannan ka rage hasken wurin da `Courbes` da ka maƙala wa kwafin, ka taƙaita shi ga mayafin kaɗai da nasa maskin. Ana yi, amma ni idan akwai fili, na fi son in matsar da kawu dama kaɗan ya kauce wa mayafin. Kiliya ba ya biyan ƙarin dala ɗaya saboda ka yi kokawa da raga.

Bayan duk wannan zai iya ci gaba da kama da liƙi, kuma inuwa ce ta rage. Mutane a cikin taro suna tare wa juna haske. Dubi mai shadda: ƙirjinsa da haske, amma daga ciki zuwa ƙasa, inda matan suka tare shi, rigarsa ta yi duhu. Kawu ma haka ya kamata. Buɗe kalki a samansa, ka maƙala masa shi, ka sa yanayinsa `Produit`. Kada ka ɗauki baƙi, ka ɗebo launi daga wata inuwa da ke cikin hoton. Da burushi mai laushi, `Opacité` 10, ka riƙa shafawa sannu a hankali a bayan ɗankwalin da gefen farar riga, ya fi duhu daf da su ya baje yayin da yake nisa. Da yake rigarsa baƙa ce, a hannunsa da farin ɗinkin wuyansa za ka fi ganin bambancin. Inuwar da shi kawu yake jefawa kan mai shadda da bango tana wani kalki dabam, a ƙarƙashinsa, ba a maƙale ba. A ƙarƙashin rumfa aka yi hoton, hasken ya bazu, saboda haka inuwar mai laushi ce ƙwarai. Da filashi aka ɗauka, da ka ga kowa da siririyar inuwa mai kaifi a bango, kuma dole kawu ya samu irinta a gefe ɗaya da ta sauran.

Kada ka gyara haske ko launi a `Arrière-plan` shi kaɗai bayan ka yi kwafin, domin matar gaba za ta fito rabi da haske rabi babu. Duk gyaran da ya shafi hoton gaba ɗaya ya hau can sama da kowane kalki. Idan ka gama, ka kashe idon kalkin kawu ka kunna sau da yawa: in wani abu ya motsa a jikin mutanen gaba, maskinka ne ke da rami. Riƙe `Alt` ka danna maskin ka gan shi baƙi da fari, ramukan da burushi ya tsallake za su fito fili. Sannan ka rage hoton zuwa girman fuskar salula, domin a haka dangi za su fara ganinsa, ka nuna wa wanda bai san aikin ba ka ce ya nuna maka wanda aka saka. Ka ajiye fayil ɗin `PSD` da kalkokinsa, ka fitar musu da `JPEG`.