Harajin sifili daban, kayan da aka keɓe daban

Alhaji, na karanta wasiƙarka daga Asawase da ke Kumasi. Ka ce kana ɗura man kaɗanya a robobi kana aikawa Yamai, kuma tunda kayan da ake fitarwa waje "ba su da VAT", ya kamata hukumar haraji ta Ghana, wato GRA, ta mayar maka da harajin VAT da ka biya wajen sayen robobi da katan. Ban ga takardunka ba, don haka zan yi magana da taka-tsantsan. Amma kalmar nan ta "ba su da VAT" ita ce ta rikita lissafinka.

Kayan da aka fitar waje suna cikin tsarin harajin, sai dai ana caje su a kan sifili cikin ɗari. Kayan da aka keɓe kuwa, kamar masara ko geron gida da ake sayarwa a kasuwa ba a sarrafa ba, suna wajen tsarin gaba ɗaya. Mai saye ba ya biyan harajin a duka biyun, shi ya sa mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Bambancin yana wajen mai sayarwa.

A ce ka sayi robobi da katan na sidi 100,000, aka ɗora maka kashi 15, wato sidi 15,000, ban da sauran ƙananan harajin da ke kan rasit. Idan man ya tafi a kan sifili, kana iya neman a lissafa maka wannan 15,000, ko dai a rage daga abin da ake binka, ko a mayar maka bayan bincike. Da a ce buhunan zuba masara ka saya da kuɗin nan, ka sayar da masarar a Kumasi, to 15,000 ta shige farashin kayanka, ba ta dawowa. In kana yin duka biyun, raba lissafin za a yi.

Sai dai wannan haƙƙi na wanda ya yi rajistar VAT ne, yake kuma miƙa bayanansa kowane wata. In ba ka yi ba, a ganina ba ka da abin nema tukuna.

Sannan sai shaidar fita. Motar da ta wuce kan iyakar Paga ba tare da takardar kwastan da sunanka ba, ana iya ɗaukar kayanta kamar a gida aka sayar, a nemi cikakken haraji a hannunka. A tanadi takardar kwastan da shaidar shigowar kuɗin ta banki.

Mai robobin da ya karɓi haraji ya ba ka rasitin hannu, gaskiya bai kyauta ba, domin sai da rasitin VAT na hukuma ake karɓar buƙatarka. Duk da haka ban ba ka shawarar kotu ba. Ka rubuta masa ya ba ka rasitin da ya dace, in ya ƙi a sa manyan kasuwa su shiga tsakani, kuma kada a ja lokaci, don neman yana da wa'adi.