Ƙa'idar 72 tana aiki a kowane kaso?

"Wai in an raba 72 da kason ribar shekara ana samun shekarun da kuɗi za su ninka, har a babban kaso ma haka ne?"

A'a ɗan'uwa, wajen kaso 8 ta fi dacewa, 72 ÷ 8 shekara 9 kenan kuma lissafin gaskiya ma kusan 9 ɗin ne cif. A kaso 2 tana ba ka 36 alhali 35 ne, ta ɗan zarce, shi ya sa a ƙananan kaso ni 70 nake ɗauka. In kason ya yi sama kuma sai ta riƙa gazawa, a kaso 72 za ta ce shekara 1, to ai 100 ɗinka 172 kawai ya zama, bai ninka ba tukuna. Amma fa duk wannan sai in ribar tana hawa kan uwar kuɗi duk shekara, ba cire ta kake ba.